Tumatir ya yi tsada amma layin buƙata bai gusa ba: nazarin wata amsa da aka soke

A jarrabawar ƙarshen zango na biyu a wata sakandare da ke Zariya, an yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare wata tambaya mai maki 12 a darasin tattalin arziki. An ce su ɗauka tsutsa ta faɗa wa gonakin tumatir, har farashin kwando ya tashi daga naira 10,000 zuwa naira 15,000. Kashi na farko mai maki 8 ya nemi su yi zane su bayyana abin da ya sami buƙatar ɗanyen tumatir. Kashi na biyu mai maki 4 ya nemi su yi haka a kan busasshen tumatir, wato kauɗa. An kuma ba su lissafi guda biyu, inda P take farashin kwando a dubban naira, Q kuma yawan kwanduna a rana. Na masu saye shi ne Qd = 120 − 4P, na masu kawo kaya kafin tsutsa kuma Qs = 20 + 6P. Alƙaluman na aji ne, malamin ya tsara su don lissafi ya fita daidai, ba daga kasuwa aka kwaso su ba.

Wata ɗaliba da ke cikin na gaba-gaba a ajin ta sami 4 cif a kashi na biyu, amma 2 kawai cikin 8 a kashi na farko. Malamin ya ja jan biro a kan zanenta, ya rubuta kalma ɗaya da ke nufin kuskure ne, bai ƙara komai ba. Ta kai ƙorafi, aka turo mini takardar in sake dubawa, tunda ni ma darasin nake koyarwa a wani ajin.

Ga abin da ta yi. Ta sa farashi a gefen tsaye, ta sa yawan kwanduna a gefen kwance, kuma duk daidai ne. Ta ja layin buƙata yana gangarowa daga hagu zuwa dama ta sa masa D1, ta ja layin samarwa yana hawa ta sa masa S, suka haɗu a naira 10,000 da kwando 80. Har nan ba inda za a kama ta. Daga nan sai ta ja sabon layin buƙata a hagun na farko ta kira shi D2, ta zana kibiya daga D1 zuwa D2, ta bar layin S a inda yake. A ƙasa ta rubuta cewa tunda farashi ya tashi, mutane sun rage saye, saboda haka buƙata ta ragu da kwando 20, layin ya gusa hagu.

Wanda ya karanta jimlar nan da kunnen kasuwa ba zai ji wani aibu ba. Tumatir ya yi tsada, mutane sun rage saye, ai haka ne. Kwando 20 ɗin ma daga lissafi ta samo shi: in aka sa 15 a gurbin P, 120 − 60 ya ba da 60, kuma daga 80 zuwa 60 ragin 20 ne. Lissafinta ya fita, fahimtarta ta kasuwa ma ta fita. Zanen ne ya ci amanarta.

Abin da layin yake ɗauke da shi

Layin buƙata ba hoton cinikin yau ba ne. Jerin amsoshi ne ga tambaya guda da aka maimaita a kan farashi daban-daban: in kwando ya kama kaza, nawa masu saye za su ɗauka? A lissafin da aka ba su, in kwando naira 5,000 ne za a ɗauki 100, in 10,000 ne za a ɗauki 80, in 15,000 ne 60, in 20,000 ne 40. Duka amsoshin nan suna nan a lokaci guda, tun kafin tsutsa ta taɓa ganye ko ɗaya, kuma su ne ɗigogin da aka haɗa suka zama layin. Ke nan batun cewa za a sayi 60 in farashi ya kai 15,000 yana rubuce a jikin D1 tun farko. Da farashin ya kai can, kasuwa ta tashi daga ɗigon 80 ta koma ɗigon 60 a kan layi guda. Wannan ita ce tafiya a kan layi, kuma abin da ya sauya shi ne adadin da ake saye.

Gusawar layi wani abu ne daban. Layi yana gusawa ne idan amsoshin da kansu suka sauya, wato a farashin nan na naira 10,000 da ake ɗaukar 80 jiya, yau 60 ake ɗauka ko 110, alhali farashin bai motsa ba. Abin da ke jawo haka dole ya zama wani abu da ba ya cikin gefuna biyu na zanen: kuɗin da ke hannun mutane, yawansu, farashin madadin kayan, sha'awa, lokacin azumi ko biki, ko tsammanin abin da farashi zai zama gobe. Waɗannan su ne ake cewa an riƙe su yadda suke a lokacin da ake zana layin. Farashin kayan kansa ba ya cikinsu, domin an riga an ba shi gefe guda a zanen.

Na lura tsarin zanen ma yana ƙara rikita yara. A darasin lissafi an saba musu da sa abin da ke jawo sauyi a gefen kwance, sakamako kuma a gefen tsaye. A tattalin arziki an juya, farashi ne a tsaye, al'adar da ta kafu tun littafin Alfred Marshall na shekarar 1890. Ɗalibin da ba a nuna wa wannan ba yakan ɗauki farashi kamar wani baƙo da ya zo daga waje ya ture layin, alhali yana cikin zanen.

Inda zanen ya ƙaryata tambayar

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan amsar ba ta buƙatar haddar ma'anar komai. Na ɗauki zanenta yadda ta yi shi na bi shi har ƙarshe. Ta gusar da layin buƙata hagu da kwando 20 a kowane farashi, ke nan sabon lissafinta ya zama Qd = 100 − 4P. Ta bar na masu kawo kaya yadda yake, Qs = 20 + 6P. In aka daidaita su, 100 − 4P = 20 + 6P, sai 80 = 10P, P ta zama 8. A zanenta kwando ya sauko naira 8,000, ana sayar da 68. Tambaya ta ce farashi ya hau zuwa 15,000, zanenta ya ce ya faɗi zuwa 8,000. Ko ba a yi lissafi ba ido zai gani, domin inda D2 ya ratsa S yana ƙasa da inda D1 ya ratsa shi.

Da ta bi tunaninta gaba da sai ta shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Farashi ya tashi, buƙata ta ragu, raguwar buƙata ta sauko da farashi, saukar farashi ta ƙara buƙata, ƙaruwar buƙata ta ɗaga farashi, a haka har gari ya waye. Duk ɗalibin da ya sami kansa cikin wannan zagaye, to ya haɗa tafiya a kan layi da gusawar layi a wani wuri.

Amsar da ake nema tana farawa ne daga gona. Tsutsa ba ta taɓa aljihun mai saye ba, ba ta rage wa kowa son miyar tumatir ba. Kayan da ke shigowa kasuwa ta rage, don haka layin samarwa ne ya gusa hagu. Ana iya gano nawa ya gusa: tunda sabuwar mahaɗa tana kan 15,000 da kwando 60, kuma tsohon lissafin masu kawo kaya zai ba da 20 + 90, wato 110 a wannan farashi, to kwando 50 aka rasa a kowane farashi. Sabon lissafin shi ne Qs = 6P − 30. A gwada shi da layin buƙata na asali: 120 − 4P = 6P − 30, sai 150 = 10P, P ta zama 15, Q kuma 60. Ya yi daidai da tambayar ba tare da an taɓa D1 ba. Zanen da ya cancanci maki 8 yana da layin buƙata ɗaya, layukan samarwa biyu, da kibiya tana hawa a jikin D1 daga tsohuwar mahaɗa zuwa sabuwa.

Wasu 'yan ajin sun yi rabin daidai, suka gusar da layukan biyu duka zuwa hagu. Su ma lissafi ya tona su: 100 − 4P = 6P − 30 yana ba da naira 13,000 da kwando 48. Sun rage adadin da ake saye sau biyu, sau ɗaya ta hawa layin, sau ɗaya ta ture shi.

Gardamar Kawu

Ranar da aka kira ɗalibar don bayani, tare ta zo da kawunta, dillalin kayan gwari ne da ya daɗe yana harka tsakanin masu noman rani na bakin kogin Galma da kasuwar Sabon Gari. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekarar da tsutsar nan ta zo ina kasuwa. Matan da ke sayen kwano suka koma sayen kashi, masu abincin sayarwa suka koma gwangwani da kauɗa. In ba raguwar buƙata ba, me za a kira wannan?"

Shekarar 2016 yake nufi, lokacin da tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu. Na ce masa, "Alhaji, a tsakiyar tsadar nan, da wata mota ta shigo da kaya ka karya kwando a tsohon farashi, matan nan za su tsaya a kashi ko za su koma kwano?" Ya yi dariya ya ce ai kafin a gama sauke motar an wawashe. Na ce to buƙatarsu tana nan ke nan, farashi ne ya tsaya tsakaninsu da kayan. Wannan ita ce jarrabawar da nake ba kowane ɗalibi: ka mayar da farashi inda yake a zuciyarka, ka tambayi kanka ko za a sayi abin da ake saye a da. In za a saya, tafiya ce a kan layi. In ba za a saya ba, layin ya gusa.

Alhaji bai sauka nan take ba, kuma abin da ya kawo na biyu ya fi na farko nauyi. Ya ce akwai masu abincin da suka saba da tumatirin leda a lokacin, ko da ɗanye ya dawo araha ba su dawo gaba ɗaya ba. Nan kam yana da gaskiya, kuma wannan gusawar layi ce ta haƙiƙa, domin a tsohon farashi an sayi ƙasa da na da. Sai dai sanadinta sauyin sabo ne da ya ɗauki watanni yana ginuwa, kuma ɗalibin da zai zana ta dole ya ambaci wannan sanadi da sunansa. Tambayar jarrabawa ba ta kawo batun sabo ba, ɗalibar ma ba ta kawo shi ba. Dalilin da ta rubuta shi ne tashin farashi kawai.

Akwai wata kafa makamanciyar wannan da masu wayo kan bi, wato tsammanin farashin gobe. In masara ta fara hawa bayan kaka, mutane suka ɗauka za ta ci gaba da hawa, sukan ruga su saya su ajiye, layin buƙatar yau ya gusa dama. A nan ma abin da ya ture layin shi ne hasashen gobe. Ga ɗanyen tumatir da ke ruɓewa cikin 'yan kwanaki wannan hujja ba ta da ƙarfi, ba mai cika ɗaki da shi yana jiran tsada.

Kashin da ta ci

Abin da ya fi ba ni sha'awa a takardar shi ne kashi na biyu. A can ta gusar da layin buƙatar kauɗa zuwa dama, kuma daidai ne. Ɗanye ya yi tsada, kauɗa madadinsa ce, saboda haka a kowane farashin kauɗa an fi neman ta fiye da da. Tashin farashi guda ɗaya ne, na ɗanyen tumatir, amma aikinsa biyu: a zanen ɗanye tafiya ce a kan layi domin farashinsa yana gefen tsaye, a zanen kauɗa kuwa gusawa ce domin farashin ɗanye ba ya kan ko wane gefe na wannan zane.

Da na tambaye ta dalilin da ya sa ta gusar da layin kauɗa, sai ta ce, "Malam, ai duk lokacin da farashi ya canza layi yana matsawa." Ashe doka ɗaya ta yi aiki da ita a kashi biyun, ta faɗi a na farko, ta dace a na biyu. Mai duba takarda da ya ga 4 cikin 4 zai ɗauka ta gane madadi ne kawai ta yi tuntuɓe a sama, alhali ramin ɗaya ne. Shi ya sa nake ganin kalma ɗaya da jan biro ba ta wadatar a irin wannan kuskure. Yarinyar da ta ga an karɓi dokarta a ƙasan shafi an ƙi ta a sama, dole ta zaci son rai ne.

Don ta ga gusawa ta gaskiya a kan ɗanyen tumatir ɗin kansa, na ba ta wani misali da alƙaluman nan. A ɗauka ba tsutsa, amma azumi ya kama, kowane gida yana miya da kayan buɗa-baki, har ana neman ƙarin kwando 30 a kowane farashi. Lissafin masu saye ya zama Qd = 150 − 4P. In aka haɗa da Qs = 20 + 6P, farashi ya zama naira 13,000, ana sayar da kwando 98. Ta kalli sakamakon ta ce, "To ga farashi ya hau kuma an ƙara saye, ina dokar buƙata?" Dokar tana nan, domin a kan sabon layin ma tsada tana rage saye. Layin ne gaba ɗaya ya koma dama. Daga nan alama mai sauƙi ta fito. In farashi da yawan ciniki suka tafi gefe guda, duka suka hau ko duka suka sauka, layin buƙata ne ya gusa. In suka saɓa, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, layin samarwa ne ya gusa, masu saye kuma suka bi layinsu. Arahar tumatir a tsakiyar rani, lokacin da kayan fadama ke cika kasuwa ana ciniki da yawa, da tsadarsa in damina ta kankama ciniki ya ja baya, duka irin na biyun ne.

Alamar tana da iyaka, kuma Alhaji ne ya fi kowa saninta. Tana aiki ne in layi ɗaya ya motsa. A 2016 azumi ya kama a farkon watan Yuni, tsadar tsutsa ba ta wuce ba. In aka haɗa biyun a lissafin aji, 150 − 4P = 6P − 30, farashi ya kai naira 18,000, kwanduna kuma 78, kusan 80 ɗin farko. Wanda ya tsaya a bakin kasuwa yana ƙirga kwando zai ce ciniki bai sauya ba, farashi ne kawai ya haukace, alhali layuka biyu ne suka gusa suka kusa cinye tasirin juna a kan adadi. A irin wannan hali farashi da adadi kaɗai ba za su gaya maka abin da ya faru ba, sai ka san labarin gona da na gari.

Hukuncin maki

Na bi takardar rabon maki da malamin ya tsara. Maki 2 na sa wa gefuna suna da nuna mahaɗar farko, ta samu. Maki 2 na gusar da layin samarwa hagu, ba ta yi ba. Maki 2 na nuna tafiya a kan D1, ta yi akasin haka. Maki 2 na ƙarshe na bayani ne, ɗaya na fitar da sabon adadi, ɗaya na faɗin cewa adadin da ake saye ne ya ragu, layin bai motsa ba. Ta fitar da 60 daidai a gefen takarda kuma ba a ba ta makin ba, don haka na ba da shawarar a ƙara mata 1, ta koma 3 cikin 8. Sauran biyar ɗin ba su da hanyar dawowa, kuma a jarrabawar WAEC ko NECO ma bambance sauyin buƙata da sauyin adadin da ake buƙata yana cikin abubuwan da manhaja ta ce a sani.

Na kuma rubuta wa malamin cewa lafazin tambayar ya taimaka wajen jefa yara a rami. Cewa a bayyana abin da ya sami buƙata yana sa ɗalibi ya ɗauka lallai wani abu ya same ta. In tarko aka yi niyya, to halal ne a jarrabawa, amma sai an riga an nuna wa yara irinsa a aji. In ba tarko ba ne, gara a ce su nuna wane layi ne ya gusa, wane ne bai gusa ba, da dalili. Ya karɓi ƙarin makin, batun lafazi kuma ya ce da gangan ya yi, kuma zai sake yi.

Kafin su tafi na ba ɗalibar wata tambaya ta amsa a tsaye. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, masu motoci da yawa suka rage hawa. Me ya sami layin buƙatar fetur, me kuma ya sami na manyan motoci masu shan mai? Ta yi shiru kaɗan, ta ce na fetur bai gusa ba tunda farashinsa ne ya sauya, an hau sama ne a jikinsa. Na motocin kuma ya gusa hagu, domin mota da mai tare ake amfani da su, kuma farashin mai ba ya cikin zanen mota. Alhaji ya ce shi dai abin da ya sani kuɗin dakon kwando daga gona ya tashi a lokacin. Na tambaye ta wannan kuma wane layi ya taɓa a zanen tumatir, ta ce na samarwa, zuwa hagu.